Wane Bututu Zai Kai Ruwa Gari Daga Kan Tudu?

Idan akwai idon ruwa a kan tudu, gari kuma yana gangare, ba a buƙatar inji, ruwan zai sauko da kansa. Sai dai yana tafe yana gogar cikin bututu, wannan gogayya kuwa tana cinye ƙarfinsa. Injiniyoyi suna auna ƙarfin da mita, wato tazarar tsayi tsakanin tanki da famfo. Wannan tsayin shi ne jarin gari gaba ɗaya, matsattsen bututu kuma yana iya cinye shi a hanya.

Lissafin da aka fi amfani da shi na wasu injiniyoyin Amurka biyu ne, Hazen da Williams, tun farkon ƙarni na 20:

`hf = 10.67 × L × Q^1.852 / (C^1.852 × d^4.87)`

A nan hf tsayin da aka yi asara ne, L tsawon bututu, d faɗin cikinsa, duka da mita. Q yawan ruwa ne a sakan guda, inda ake rubuta lita 1 a matsayin 0.001. C kuma santsin bututu ne, sabon na roba yakan kai 150.

Mu ɗauki gari mai famfo 5, waɗanda suke jan lita 1 a sakan idan an buɗe su tare. Tanki ya fi su tsayi da mita 30, nisan kuma mita 1,000. Ana son aƙalla mita 10 su rage a bakin famfo don ruwa ya fito da ƙarfi, saboda haka mita 20 kaɗai za a iya kashewa.

Bututu mai faɗin ciki milimita 32 zai nemi kusan mita 53, abin da tudun ba shi da shi. Ruwa zai zo, amma bai kai lita ɗayar ba. Alamar ita ce famfo ɗaya yana zuba sosai, da an buɗe sauran sai na ƙarshe ya koma ɗiga. Mai milimita 50 mita 6 kawai zai ci, amma ya fi tsada, ruwa kuma yana tafiya a hankali har laka ta iya kwantawa. Mai milimita 40 zai ci kusan 18, ya bar 12. Shi ne daidai, ko da an cire ɗan abin da lanƙwasa da mahaɗai za su ci.

A kasuwa ake yawan yin kuskure. Lambar da ke jikin bututun roba yawanci faɗin waje ce. Mai kaurin da aka rubuta wa 40, cikinsa bai fi 33 ba, mai 50 ne zai ba da 40 ɗin da ake nema. Don haka, jama'a, kafin ku biya kuɗin da gari ya tara, ku auna cikin bututun da kanku.