Daga saƙon asibiti zuwa katun: yadda ake gina bidiyon faɗakarwa mai kira guda

Bidiyon faɗakarwa na zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun, yana farawa ne da jimla ɗaya da ke faɗin abin da ake so mai kallo ya aikata. Ana samo wannan jimla tun kafin a ɗauki alƙalamin zane, kuma samo ta ya fi zanen wuya. Ma'aikatan lafiya sukan zo da saƙonni shida ko bakwai, kowane ɗaya gaskiya ne, suna so a zuba su duka cikin minti ɗaya da rabi. Mai kallo kuwa abu ɗaya yake riƙewa, wani lokaci ma ba wanda aka fi buƙata ba.

Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina ya isa misali. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel wannan magani, kuma ana raba shi gida-gida a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya kowane kwana 28, zagaye huɗu ko biyar a damina. Kowane zagaye na kwana uku ne. A rana ta farko mai rabon magani yakan tsaya har yaro ya sha ƙwayoyi biyu a gabansa, sannan ya bar wa uwa sauran biyu, ɗaya ta gobe, ɗaya ta jibi. A nan ne gizo ke saƙa. Yaron lafiyarsa ƙalau, babu wanda zai dawo ya duba, wata uwar takan manta, wata ta adana ƙwayoyin sai ranar da zazzaɓi ya zo, wata ta raba wa yayan yaron da ya wuce shekara biyar. Saboda haka kiran bidiyon ba zai zama “a yaƙi zazzaɓi” ba, domin wannan ba aiki ba ne da hannu zai iya yi. Kiran shi ne: a ba yaro ƙwayar gobe da ta jibi. Maganar gidan sauro da share kwata gaskiya ce, sai dai ta jira nata bidiyon.

Bayan an tsayar da kira sai a nemi abin da ke hana mutane aikata shi, domin daga nan labari ke fitowa. Masu rabon magani da ungozomomi sun fi kowa sanin wannan, kuma zama ɗaya da su ya fi karanta rahoto goma. Idan abin da suka fi ji shi ne “ai yaron ba ya ciwo”, to wannan magana ce za ta shiga bakin ɗaya daga cikin mutanen labarin, kuma wajibi ne mai faɗinta ya zama mai hankali da ake girmamawa. Bidiyon da ya mayar da mai shakka wawa ya zagi rabin masu kallonsa ke nan.

Ga yadda labarin daƙiƙa 90 zai iya tsayuwa. A daƙiƙa 15 na farko ana ruwan sama, mai rabon magani tana sallama da matar gida, ta miƙa mata katin magani da ƙwayoyi biyu a ciki. Washegari da safe yaron yana guje-guje a tsakar gida, uwar ta ɗauko katin, kakar yaron ta ce mata: “Ke 'yar nan, mai lafiya ake ɗura wa magani? Ajiye shi sai ranar buƙata.” Uwar ta tsaya da katin a hannu, ba ta son musu da uwar mijinta. Wannan tsayuwa ita ce zuciyar bidiyon, kuma ta cancanci daƙiƙa biyar ko shida ba tare da magana ba. Sai ta amsa cikin ladabi: “Inna, ai ba a gyaran rufin ɗaki sai kafin ruwa ya sauko.” Kakar, wadda bokitin tarar yoyo ke gabanta, ta dubi sama, ta miƙa hannu ta karɓi cokalin da kanta. Daƙiƙa 15 na ƙarshe na kira ne kaɗai: hannu yana ɓalle ƙwaya ɗaya, rana ta faɗi ta sake fitowa, hannu ya ɓalle ta biyun, murya tana faɗin kiran sau biyu da kalmomi iri ɗaya.

A wannan labari babu yaron da ya mutu. Masu shirya irin waɗannan bidiyoyi suna yawan garzayawa ga makara da kuka, alhali tsoro ba tare da aiki mai sauƙi a gabansa ba yakan sa mutum ya kawar da kai ne kawai. Haka kuma babu inda aka ce wanda ya sha maganin ba zai taɓa yin zazzaɓi ba. Maganin yana rage haɗari sosai na kusan wata ɗaya, bai kawar da shi ɗungum ba, kuma ranar da ɗan wata ya kwanta bayan ya shanye ƙwayoyin, alkawarin ƙarya zai rushe amanar unguwa guda. Don haka ma'aikacin lafiya da ya san shirin yana duba rubutun labari, sannan ya sake duba zanen, saboda hoto ma yana iya yin ƙarya. Idan mai zane ya zana ƙwayoyi uku a katin don ya cika fili, ko ya nuna jariri ɗan wata ɗaya yana sha, ya koyar da kuskure ba tare da an furta kalma ba.

Aikin zanen kansa yana bin tsari. Ana fara zana labarin fage-fage a takarda, sannan a ɗauki muryoyi, domin motsin baki da tsawon kowane fage a kan murya ake auna su. Daƙiƙa 90 ba ta ɗaukar fiye da kalmomi 180 zuwa 200 idan ana so a ji su a natse. Daga nan sai a jera zanen takardar a kan muryoyin, a sami bidiyon gwaji wanda hotunansa ba sa motsi. Gyara a wannan mataki kusan kyauta ne. Bayan an shiga motsa zane kuwa, ko da hoto 12 ake yi a kowace daƙiƙa, bidiyon ya kai hoto 1,080, kuma sauya jimla ɗaya na iya cin aikin kwanaki.

Wannan bidiyon gwaji shi ake kai wa iyaye mata takwas ko goma daga inda za a nuna shi, ba ma'aikatan ofis ba. Ba a tambayarsu ko ya yi kyau, domin kunya za ta sa kowa ta ce ya yi. Ana cewa su ba da labarin abin da suka gani, sannan su faɗi abin da aka ce su yi. Idan amsoshi suka rabu, wata ta ce a girmama suruka, wata ta ce a gyara rufin ɗaki, to misalin rufin ya danne saƙon, sai a rage shi ko a tsawaita fagen ƙwayoyin. A nan ne kuma ake gano ko Hausar Kano da aka ɗauka ta zauna a kunnen mutanen Sakkwato ko Maraɗi, da ko tufafin zanen sun yi kama da nasu.

A da majigi ke kai irin wannan faɗakarwa dandalin gari. Yau a ƙaramar waya ake kallo, ana turawa ta WhatsApp ko Xender, saboda haka fuskoki su zama manya, bango ya zama mara tarkace, bidiyon kuma kada ya yi nauyin da zai cinye data. Kira ya fito da murya da hoto, kada a dogara da rubutun boko a ƙasan allo. Lokacin saki ma yana cikin aikin: bidiyon da ke cewa “gobe da jibi” ana tura shi ne a ranakun da masu rabo ke zagaya unguwa, a kuma sake turawa a kowane zagaye har ƙarshen damina.