Daga Hannun Wa Zuwa Hannun Wa? Yadda Kwalbar Jini Guda Ta Girgiza Shari'ar Kisa

Idan aka ajiye wuƙa ko ƙullin hodar iblis a gaban alƙali, akwai tambayar da dole a amsa kafin a fara maganar wanda ya aikata laifi: shin wannan abin shi ne aka ɗauko a wurin da aka yi ɓarnar, kuma yana nan yadda aka ɗauko shi? Tsakanin ranar kamu da ranar shari'a ana iya shafe watanni, har shekaru. A wannan tsakanin kayan shaida kan bi ta hannun ɗan sandan da ya tsince su, da mai kula da ɗakin ajiya, da wanda ya kai su ɗakin gwaji, da masanin da ya auna su. Shari'a tana so a san kowane hannu daga cikin waɗannan, kuma a rubuce.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya fara ɗaukar abu zai sa shi a jaka ko ambulan, ya liƙe bakin da tambari, ya sa hannu a kan wurin da ya liƙe ɗin, yadda ba za a iya buɗewa ba sai an gane. Zai rubuta lambar shaidar, da wurin da ya same ta, da kwanan wata da lokaci. Duk sanda abin zai sauya hannu, mai bayarwa da mai karɓa su biyun za su sa hannu, a rubuta dalilin miƙawar. Idan masani ya buɗe don gwaji, zai rubuta adadin da ya ɗiba da wanda ya rage, sannan ya sake liƙewa da nasa tambarin. Wanda ya karanta takardar daga sama har ƙasa bai kamata ya ga sa'a guda da ba a san inda abin yake ba.

Wannan ƙa'ida ta fi tsanani a kan wasu kayan fiye da wasu. Bindiga tana da lambarta a jiki, don haka ɗan sanda zai iya dubawa ya ce ita ce. Amma jini, da gari, da ganyen wiwi, duk kamarsu ɗaya da 'yan uwansu. Babu mai kallon ɗigon jini ya rantse cewa shi ya gani bara. Abin da kawai ke haɗa irin wannan shaida da wurin laifi shi ne rubutun da ya biyo ta.

Shari'ar O.J. Simpson, tsohon tauraron ƙwallon Amurka, ta nuna abin da kan faru idan rubutun ya yi giɓi. A daren 12 ga Yuni 1994 aka kashe tsohuwar matarsa Nicole Brown Simpson da wani saurayi, Ronald Goldman, a birnin Los Angeles. Masu gabatar da ƙara suna da shaidar da kowa ya ɗauka ba ta da makawa: gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna jinin da ya yi daidai da na Simpson a wurin kisan, da kuma jinin da ya yi daidai da na matar a kan safar da aka samu a ɗakin kwanansa.

Washegarin kisan, wani ma'aikacin jinya ya ɗebi jinin Simpson a hedikwatar 'yan sanda domin a kwatanta da wanda aka samu. Maimakon a shigar da kwalbar rajista nan take, ɗan sandan bincike Philip Vannatter ya riƙe ta na wasu sa'o'i, ya tuƙa mota da ita zuwa gidan Simpson, inda ake tsakiyar tattara shaida, ya miƙa ta ga jami'in tattara kayan, Dennis Fung. Hujjarsa ita ce Fung ne ke ba kayan lambobi. Ko da hakan gaskiya ne, an riga an kai jinin wanda ake zargi cikin gidan da ake neman jininsa.

Sai batun adadi ya biyo baya. Ba a rubuta yawan jinin da aka ɗiba a lokacin ba. Ma'aikacin jinyar ya fara cewa kimanin mililita 8 ne. Da lauyoyin Simpson suka bi lissafin abin da aka yi amfani da shi a gwaje-gwaje da abin da ya rage, sai suka ce mililita 1.5 ya yi ɓatan dabo, wato abin da bai kai sulusin cokalin shayi ba. Daga baya mutumin ya ce ya yi kuskure, abin da ya ɗiba wajen 6.5 ne. Da an rubuta adadin tun a ranar, da gardamar ba ta taso ba.

Lauyoyin suka haɗa wannan da wani sakacin. Jinin da ke jikin ƙofar baya ta gidan da aka yi kisan ba a ɗauke shi ba sai 3 ga Yuli, bayan makonni uku, kuma sai bayan makonni aka lura da jinin da ke kan safar. Suka ce daga kwalbar gwaji aka ɗiga su. Ana saka sinadarin EDTA a irin waɗannan kwalabe don hana jini daskarewa, saboda haka aka nemi sinadarin a jikin ƙofar da safar. Masanin ɓangaren Simpson ya ce ya ga alamarsa, masanin hukumar FBI kuma ya ce abin da aka gani bai kai wanda ake samu a jinin kwalba ba.

Babu kotun da ta tabbatar cewa an dasa jini. Amma lauyoyin ba su da buƙatar tabbatar da hakan, domin nauyin hujja yana wuyan mai ƙara, kuma kokwanto mai ma'ana riba ce ga wanda ake tuhuma. A ranar 3 ga Oktoba 1995 aka wanke Simpson. Akwai wasu dalilan da suka taimaka, musamman zubewar mutuncin ɗan sanda Mark Fuhrman bayan an ji kalamansa na wariyar launin fata a faifai. A 1997 kuwa, a ƙarar neman diyya, inda ma'aunin hujja ya fi sauƙi, an ɗora masa alhakin mutuwar, aka ce ya biya dala miliyan 33.5.

Wannan ya nuna cewa giɓi ba hukunci ɗaya yake jawowa ba. Idan ya yi muni, har ba za a iya cewa abin da aka auna shi ne aka kama ba, alƙali na iya ƙin karɓar shaidar gaba ɗaya. Idan ƙarami ne, kamar kuskuren lokaci alhali tambari bai taɓu ba, akan karɓe ta, sai dai ƙarfinta ya ragu. A shari'ar Simpson an karɓi jinin, amma amana a kansa ta riga ta zube.

Ka'idar tana aiki a kotunan Najeriya, inda sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya wajabta a tabbatar da laifi ba tare da kokwanto mai ma'ana ba. Shi ya sa jami'an hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi kan gwada abin da suka kama, su auna nauyinsa, su liƙe samfurin a gaban wanda ake zargi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardun, kafin a aika ɗakin gwaji. Wanda aka miƙa wa irin wannan takarda ya duba nauyin da aka rubuta kafin ya sa hannu, domin da ita za a yi shari'ar. Wanda kuma ya tsinci wuƙa ko kwanson harsashi a inda aka yi ta'asa, ya bar shi nan har jami'ai su iso. Idan ya ɗauka ya kai gida don adanawa, ya zama hannu na farko a jerin, kuma hannun da babu takardar da ta san da shi.