Haɗa Bidiyon Hotunan Marigayi: Yadda Ake Jeri da Rubutu a Ƙasan Hoto

A gidaje da yawa yanzu, idan dattijo ya rasu, kafin addu'ar arba'in ko taron iyali na shekara sai a ce wa wani matashi a gidan ya haɗa hotunan marigayin su zama ɗan bidiyo, a nuna a talabijin ɗin falo ko a tura wa 'yan uwa na nesa ta WhatsApp. Yawanci abin da ke fitowa shi ne hoto ɗari suna wucewa a guje, na tsufa kafin na ƙuruciya, wani na juyawa wani na tsalle. Ana gamawa tsofaffin gidan su ce ba su ga komai ba, kuma gaskiyarsu. Don su aka yi aikin, saboda haka da idonsu ya kamata a auna shi.

Kafin a taɓa waya, a fara jin ta bakin manya. Akwai gidajen da ba su yarda da nuna hoton mamaci ba, akwai waɗanda suka yarda amma ban da kiɗa. Hoton matan gida ba mayafi ba ya shiga sai da izininsu, domin bidiyon da ya bar wayarka ba ka da iko da inda zai tsaya. Hotunan jinya a gadon asibiti kuwa, a ganina a bar su a waya kawai.

A ce marigayin malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma an tara hoto ɗari da ashirin: goma sha biyar tsofaffi na takarda, sauran duk na waya daga shekarunsa goma na ƙarshe. Matsalar a fili take. Idan aka zuba su duka, shekara sittin na rayuwarsa za su wuce cikin minti ɗaya, sannan a shafe minti takwas ana kallonsa da babbar riga a bukukuwan jikoki. Sai a riƙe tsofaffin nan duka ko da sun yi dishi-dishi, a tace na wayar har jimilla ta dawo 36. Wajen ɗaukar tsofaffin da waya, a cire su daga gilashi ko ledar album, a shimfiɗa su a inuwa da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai saman hoton don kada fuska ta karkace.

Jerin da ba ya rikita kowa shi ne na shekaru: samartaka, makarantar horon malamai, aure, wuraren da ya koyar, aikin Hajji, ritaya, jikoki. Hoto ɗaya ne ke karya wannan doka, wato na buɗewa, wanda ya kamata ya zama fuskar da kowa ya san shi da ita, tare da cikakken sunansa da shekarar haihuwa da ta rasuwa. Kada a dogara da waya ta jera su da kanta. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yana rasa bayanin ranar da aka ɗauke shi, sai ya zauna a ranar da ya iso, ga shi kuma an matse shi ya rage kyau. A roƙi 'yan uwa su turo ta `Document`. Sannan a sake wa hotunan suna da lamba, 010, 020, 030, har ƙarshe. Amfanin tsallen goma-goma shi ne, idan gwaggo ta zo da wani hoto ana gobe taro, sai a sa masa 025 ya shige wurinsa ba tare da an sake lissafi ba.

To, yaya za a san shekarar hoton da ba a rubuta komai a bayansa ba? A duba bayan tukuna, don masu ɗaukar hoto na da sukan buga hatiminsu, wani lokaci har da kwanan wata. Idan babu, a kai wa matarsa ko ƙanwarsa. Ba lallai su faɗi shekara ba, amma za su ce "lokacin ana kashe fam da sule," ko "ina goyon wance." Wannan ya isa: naira ta fara aiki a Janairun 1973, shekarun wance kuma an san su.

Sai batun gudu. Hoton mutum ɗaya yana buƙatar daƙiƙa biyar. Hoton taro, inda kowa zai nemi fuskarsa ko ta mahaifiyarsa, ba ya yin ƙasa da takwas. A misalinmu, hoto 24 sau biyar daƙiƙa 120 ke nan, na taro guda goma sau takwas 80, na buɗewa da na rufewa goma-goma, 20. Jimilla daƙiƙa 220, wato minti uku da daƙiƙa arba'in. Wannan tsayi ne da mutane za su kalla ba su koma hira ba. A PowerPoint ana sa lokacin a `Transitions`, a akwatin `After`. A danna `Apply To All` a kan daƙiƙa biyar, sannan a bi hotunan taro ɗaya bayan ɗaya a ƙara musu. Salon sauyawa kuma guda ɗaya ya isa, `Fade`, daga farko har ƙarshe. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a zaunar da wata dattijuwa a gaban bidiyon. Duk inda ta ce "tsaya, mayar baya," wurin yana son ƙarin lokaci.

Rubutun ƙasan hoto ne ya fi jawo ƙorafi, shi ya sa nake ganin a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. A zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kai: waye, ina, yaushe. Misali, "Malam Wane da ɗalibansa, Zariya, 1978." Idan ba a tabbatar da shekara ba, a rubuta "wajen 1978," kuma a yi amfani da wannan kalmar ko'ina, ba "kusan" a nan da alamar tambaya a can ba. Suna ma ɗaya za a riƙe. Kada ya zama Baba a hoto na uku, Alhaji a na bakwai, Malam a na goma. "Baba" ko "Kawu" daidai ne a bakin mai rubutun, amma ga jika da suruki da abokin aiki ba haka sunan yake ba. A hoton taro a fara daga hagu kullum, a faɗi haka sau ɗaya. Idan an sa "marigayi" gaban sunan wani da ya rasu, dole a sa wa duk sauran da suka rasu, kuma idan an ambaci sunan mata ɗaya a ambaci na abokiyar zamanta da irin laƙabin girmamawar da aka ba ta. Mantuwa ɗaya a nan takan zama maganar da za a yi wata ana yi.

Rubutun ya zauna wuri ɗaya a ƙasa, fari a kan baƙin zane, babba yadda za a karanta daga bakin ƙofar falo, kuma kada ya wuce layi biyu. A kula da ƙ da ɗ da ɓ: wasu salon rubutu na ado ba su da su, sai su fito kamar akwati ko su canza siffa a tsakiyar kalma. A gwada rubuta Ƙanƙara da Ɗanbatta tun farko; Noto Sans da Andika suna ɗauke da haruffan duka.

Wannan tsari yana aiki ga bidiyon suna, sai dai can kwanaki ake bi maimakon shekaru: ranar haihuwa, 'yan barka, raɗin suna da safe, yankan rago, aski, yinin mata. Sunan jariri kada ya bayyana kafin hoton raɗin suna, kuma a tambayi uban yadda ake rubuta shi.

Idan an gama, a fitar da bidiyon a matsayin MP4, a sa a filashi, a gwada shi a kan ainihin talabijin ɗin da za a yi amfani da ita tun ana gobe, domin wasu talabijin suna yanke gefen hoto su cinye rubutun ƙasa. Kafin a tura wa kowa, a ba wani babba a gidan jerin sunayen ya karanta su ɗaya bayan ɗaya.