Kafin a sa hannu: Tambayoyi uku da kashi 90 na rahoton gwajin manhaja ba ya amsawa

Idan kamfanin da aka ba kwangilar gina wa ma'aikata manhaja ya zo miƙa aiki, akwai adadin da ba ya ɓacewa a shafin farko na rahotonsa. Ana rubuta shi a ƙarƙashin kalmar `coverage`, kuma yawanci yana kaiwa kashi 85 ko 90 cikin ɗari. Darakta ya duba, mataimakinsa ya duba, a ce madalla, a sa hannu a takardar kammala aiki. Bayan wata biyu sai ƙorafi ya fara shigowa, a kuma rasa yadda aka yi manhajar da ta ci kashi 90 take cire wa ma'aikaci kuɗin da ba a ce ta cire ba.

Adadin bai yi ƙarya ba. Tambayar da yake amsawa ce ba ita ce tambayar mai sa hannu ba.

Abin da adadin ke ƙirgawa

Masu gina manhaja sukan rubuta wasu ƙananan umarni da aikinsu shi ne jarraba babbar manhajar duk lokacin da aka taɓa ta. Waɗannan su ne gwaje-gwaje, kuma a babban aiki suna kaiwa dubbai. Adadin da ke shafin farko yana faɗin kashi nawa na layukan manhajar gwaje-gwajen suka ratsa ta cikinsu. Ana iya kiran sa lissafin ratsawa. Yana shaida cewa an bi ta kan layi, amma ba ya shaida cewa an duba ko abin da layin ya fitar daidai ne.

Ga misali daga abin da galibin ma'aikatan tarayya ke gani a takardar albashinsu. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari. A ɗauka mai rubuta manhaja ya manta sifiri guda:

```python
def cire_fansho(albashi):
    return albashi * 0.8

def test_cire_fansho():
    cire_fansho(200000)
```

Gwajin ya kira lissafin, lissafin ya gudana, babu abin da ya tsaya. Rahoto zai nuna ratsawa kashi 100, alhali manhajar za ta cire naira 160,000 daga albashin naira 200,000 maimakon naira 16,000. Layi ɗaya ya rasa, wanda zai tambayi amsar:

```python
assert cire_fansho(200000) == 16000
```

Da wannan layi da babu shi, lissafin ratsawa iri ɗaya ne. A 2014, Laura Inozemtseva da Reid Holmes na Jami'ar Waterloo a Kanada sun jarraba tarin gwaje-gwaje 31,000 a kan manyan manhajoji biyar, suka gano cewa idan aka cire tasirin yawan gwaje-gwajen kansu, dangantakar da ke tsakanin ratsawa da iya kama kuskure ba ta da ƙarfi. Sun nuna cewa adadin yana da amfani wajen gano sassan da ba a taɓa gwadawa ba, amma bai dace a mayar da shi mizanin inganci ba. Da zarar an rubuta a kwangila cewa sai an kai kashi 90 za a biya kuɗi, an buɗe ƙofar cika shafi da gwaje-gwaje irin na sama.

Na farko: kurakuran da suka kuɓuce

Aikin gwaji shi ne tare kuskure kafin ya isa ga jama'a, don haka ma'auni mafi kusa da gaskiya shi ne nawa suka tsallake. Ana ƙirga kurakuran da aka kama kafin sakin manhaja, a ƙirga waɗanda masu amfani da ita suka gano bayan saki cikin wani wa'adi, wanda galibi kwana 90 ne. Idan an kama 45 a gida, 5 suka bayyana a waje, jimilla 50 ke nan, kuma kashi 10 cikin ɗari sun kuɓuce.

Ƙirgen shi kaɗai bai isa ba. Kowane kuskuren da ya kuɓuce yana buƙatar tambaya guda: wane gwaji ne ya kamata ya kama shi, kuma me ya hana? Abin da ya faru da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike a Amurka ya nuna darajar wannan tambaya. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin ya aika wani sabuntawa da ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Binciken da kamfanin ya fitar a watan Agusta ya ce wani sashe na manhajar an tsara shi ya karɓi bayanai 21, amma 20 ake miƙa masa. An yi gwaje-gwaje, sun kuma wuce lafiya, domin a cikinsu an bar gurbi na 21 da alamar da ke amincewa da kowane abu, saboda haka manhajar ba ta taɓa neman karanta shi ba. Ranar da aka sa masa takamaiman sharaɗi, sai ta miƙa hannu inda babu komai, ta faɗi. Gwajin ya bi hanyar, amma bai ɗauki kayan da zai karya gadar ba.

Wannan ma'auni yana da nasa rauni. Labarinsa yana zuwa a makare, bayan ɓarna ta riga ta auku. Kuma yana dogara ga rahoto: inda ma'aikata suka gaji da kai ƙorafi, ko ake kai shi ta wayar wani jami'i ba a rubuta ba, adadin zai yi kyau ba don manhajar ta gyaru ba. Sannan dole a raba kurakuran bisa nauyinsu, domin harafin da ya karkace a allo da albashin da ya ɓace ba su zama ɗaya a lissafi.

Na biyu: gwaji mai baki biyu

Akwai gwajin da yau zai ce lafiya, gobe ya ce akwai matsala, alhali ba a canza ko harafi ɗaya a manhajar ba. A rahotanni ana yi masa lakabi da `flaky`. Hanyar gano shi mai sauƙi ce: a maimaita gwaje-gwajen a kan manhaja guda ba tare da an taɓa ta ba, duk wanda ya ba da amsa biyu a rubuta sunansa.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2016 John Micco na Google ya bayyana cewa kusan kashi 1.5 cikin ɗari na duk gwajin da suke gudanarwa yana ba da irin wannan sakamako, kuma kusan kashi 16 na gwaje-gwajensu suna da wannan hali ko yaya. Wani binciken Jami'ar Illinois na 2014, wanda ya duba gyare-gyare 201 a manhajojin Apache, ya gano cewa babban sanadi shi ne rashin jiran amsa yadda ya kamata. Gwaji zai aika buƙata, ya jira daƙiƙa biyu, ya duba. Ranar da na'ura ta yi nauyi amsar ta zo a daƙiƙa ta uku, sai ya ce an faɗi. Bayan wannan sai ayyukan da ke gudana lokaci guda suna karo da juna, sai kuma gwajin da ke dogara ga abin da wani gwajin ya bari.

Kashi kaɗan a nan ba kaɗan ba ne. A ɗauka akwai gwaje-gwaje 1,000, kowanne yana faɗuwar ƙarya sau ɗaya cikin dubu. Yiwuwar duka su wuce tare ita ce `0.999^1000`, wato kimanin kashi 37 cikin ɗari. Ma'ana, cikin kowane zagaye 100, kusan 63 za su nuna ja ko da manhajar lafiyarta ƙalau. Injiniyan da ya saba da haka zai koyi danna maimaitawa har sai ya ga kore, kuma ranar da jan ya zama na gaske, da shi za a maimaita a wuce. Kashi 90 na ratsawa ba ya hana wannan, domin gwaji mai baki biyu yana ratsa layuka kamar kowane gwaji.

Na uku: tsawon lokacin gyara

Ma'auni na uku yana auna mutanen da ke bayan gwajin. Agogo yana fara bugawa lokacin da gwaji ya nuna ja, ya tsaya lokacin da aka gyara ya koma kore. Muddin yana ja, duk sabon kuskuren da ya shigo yana fakewa a bayan tsohon, don haka ja na mako guda mako ne da aka yi aiki babu mai gadi.

Yadda ake taƙaita adadin yana da tasiri. A ɗauka gwaje-gwaje sun karye sau biyar a wata, aka gyara cikin awa 1, 1, 2, 2 da 44. Idan aka haɗa aka raba, za a samu awa 10, adadin da bai yi kama da ko ɗaya daga cikin biyar ɗin ba. Gara a nemi biyu: na tsakiya idan an jera su, wato awa 2, da mafi tsawo, wato awa 44. Na farko yana nuna halin yau da kullum, na biyu yana nuna inda za a nemi bayani.

A nan ma akwai ƙofar baya. Hanya mafi sauri ta mayar da ja kore ita ce kashe gwajin, misali da alamar `@pytest.mark.skip`. Lokacin gyara zai ragu, gwaji mai baki biyu zai ɓace daga lissafi, komai ya yi kyau a takarda. Shi ya sa ake neman jerin gwaje-gwajen da aka dakatar tare da ranar da aka dakatar da kowanne.

Abin da zai shiga takarda

Ma'aunan uku suna tsaron juna. Wanda ya kashe gwaje-gwaje don ya rage lokacin gyara zai ga kurakurai sun ƙara kuɓucewa. Wanda ya tara gwaje-gwaje barkatai don ya tare kurakurai zai ga masu baki biyu sun yawaita. Ana kuma karanta su ne ta bin yadda suke tafiya wata bayan wata a aiki guda, ba ta gwada wata ma'aikata da wata ba, tunda kowace da yadda take rubuta ƙorafinta.

Lissafin ratsawa yana nan da gurbinsa: idan ya nuna sashen cire haraji ko fansho yana kashi 20, an san inda ba a leƙa ba. Amma jami'in da zai sa hannu ba ya buƙatar iya karanta manhaja kafin ya nemi rajistar kurakuran da suka bayyana bayan saki, da sakamakon maimaita gwaji, da lokutan gyara na watanni ukun baya. Kuma tunda ma'auni na farko ba ya nuna fuskarsa sai manhaja ta yi kwana 90 a hannun jama'a, wurin da ya dace a rubuta shi shi ne sharaɗin sakin kuɗin da ake riƙewa na ƙarshen kwangila.