Inda ƙugiyar haruffa ke ɓacewa

Ma'aikaciyar rajista ta shigar da sunan Ɗanladi a rumbun bayanai na MySQL, amma a shafin intanet sai ga “?anladi”. Laifin yana ga teburin, wanda aka gina da tsarin latin1. Wannan tsari gurbi 256 kawai gare shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Da zarar rumbun ya musanya harafi da alamar tambaya, shi ke nan, sai an sake rubuta sunan da hannu.

Maganin shi ne a mayar da teburin zuwa utf8mb4, a kuma saita hanyar da manhaja ke magana da rumbun a kan tsarin, abin da masu gina shafuka suka cika mantawa:

```sql
SET NAMES utf8mb4;
```

Idan kuwa “ƙasa” ta fito a matsayin “Æ™asa”, da sauƙi. Baiti biyu na harafin ƙ suna nan lafiya, karanta su aka yi ɗaya-ɗaya da tsarin Windows-1252. Sau da yawa sanya `<meta charset="utf-8">` a saman shafin ya wadatar.

Ɗan akwati a gurbin harafi kuma matsalar zubin rubutu ce: wanda aka zaɓa ba shi da harafin. Noto Sans yana da dukkansu.