Sallama, Sakin Layi da Sa Hannu: Yadda Imel Ke Sauya Magana

Wanda ya saba da WhatsApp a kwamfuta ya san aikin maɓallin Enter: ka danna, saƙo ya tafi. A Gmail ko Outlook ko Thunderbird kuwa, ka danna shi sau goma ba inda saƙon zai je, sai dai ya buɗe maka sabon layi. Sai ka nemi Send da kanka kafin wasiƙar ta bar hannunka. Wannan ɗan bambanci ne ya raba rubutu gida biyu. Manhajar hira tana ingiza ka ka faɗi guntun magana ka jira amsa, manhajar imel tana ba ka fili ka gama maganarka tukuna.

Dalilin yana cikin ginin abin. Tun da Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urarsa, aka ɗora imel a kan fasalin takardar ofis: daga wane, zuwa ga wane, kwanan wata, kan magana. Kowane saƙo takarda ce mai zaman kanta. Za a iya buɗe ta bayan kwana uku, a tura wa wanda bai san farkon zancen ba, ko a buga ta a sa a fayil. Mai rubutu ba ya nan a lokacin da ake karantawa, balle a ce masa “me kake nufi?” Gaisuwa da sakin layi da sa hannu su ne ke tsaya masa.

A ɗauki misalin tela mai shago, wanda shugabar wata makaranta ta ba shi aikin ɗinkin yunifom 120. Yana da buƙata uku: awon ɗalibai, kafin alƙalami, da ranar da zai kai kaya. A WhatsApp zai aika “Salam Hajiya”, ya jira. Sai “ina wuni”, sai “maganar kayan nan ne”, sai muryar minti biyu. Can da dare ya tuna bai tambayi awo ba, ya ƙara wani saƙon. Babu laifi a nan, domin Hajiya tana ganinsu a jere, kuma ta san wanda ke magana. Amma idan ya yi haka a imel, saƙonni biyar ne za su sauka a akwatinta, watakila biyu babu komai a gurbin Subject, a tsakaninsu kuma ga wasiƙun wasu mutane. Wanda ya ƙunshi “ina wuni” kaɗai ba za a san me za a yi da shi ba.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance idan ya haɗe ta wuri guda, kan maganar kuma ya rubuta “Yunifom 120: awo, kafin alƙalami da ranar kai kaya”:

Assalamu alaikum Hajiya. Game da yunifom 120 da muka yi magana ranar Litinin, abu uku nake nema kafin in fara yanka.

Na farko, awon ɗalibai aji-aji, maza daban mata daban. Idan ya zo kafin Alhamis, zan sayo yadi ranar Asabar.

Na biyu, rabin kuɗin aiki a matsayin kafin alƙalami, kamar yadda muka shirya. Lambar asusun tana ƙasa.

Na uku, zan iya kai kashi na farko, guda 60, bayan mako uku da samun awo. Ko hakan ya yi daidai da ranar komawa makaranta?

Ina fatan iyali da malamai suna lafiya. Allah ya ƙara girma.

Naki,
wane, mai shagon ɗinki

Mai karatu da ya yi makarantar firamare a ƙasar Hausa zai lura da abin da ya ɓace. Wasiƙar da aka koya mana tana farawa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi lafiyar gida da yara da aiki, sannan a ce “bayan haka”, sannan a kawo dalilin rubutowa. Telan bai yar da gaisuwar ba, ya raba ta biyu ne: sallama a sama, tambayar lafiya a ƙasa. Abin da ya sa shi ne allon waya. Kafin a buɗe saƙo, manhaja tana nuna sunan mai aikowa da kan magana da layi ɗaya ko biyu na farkon rubutun. Idan doguwar gaisuwa ta cinye wannan wuri, Hajiya da ke duba waya tsakanin taro da taro za ta ga gaisuwa ce kawai, ta ce sai an jima. A ganina wannan rabon ya fi kwaikwayon wasiƙar Turawa da ke faɗa wa mutum buƙata ba ko sallama. Ga babba kamar hakimi ko malamin da ya koyar da kai, “ranka ya daɗe” ko “Allah ya gafarta malam” ba ya cin fiye da rabin layi, kuma rashinsa ana jin sa.

Sakin layin nan uku ba ado ba ne. An yi su ne don amsa. Idan Hajiya ta danna Reply, manhaja tana kwafo wasiƙar telan a cikin amsarta. A tsohon tsari ana sa alamar > a farkon kowane layin da aka kwafo, mai amsa ya shiga ƙarƙashin kowace tambaya ya rubuta nasa:

```
> Na farko, awon ɗalibai aji-aji
Zan turo gobe da safe.

> Na biyu, rabin kuɗin aiki
Na tura wa akanta, zai tuntuɓe ka.
```

Wannan ba ya yiwuwa sai kowace buƙata tana da gurbinta. Idan aka cusa ukun a dunƙule guda, abin da aka saba gani shi ne a amsa ta farko ko ta ƙarshe, ta tsakiya ta nutse. Alamar da za ka gane rubutunka ne ya jawo ita ce ka yi tambaya uku, amsa ta dawo da guda, kuma ba don mutumin yana guje wa sauran ba. Yau galibin manhajoji suna ajiye mai amsa a sama, tsohon saƙo a ƙasa, Gmail ma ta naɗe shi a bayan ɗigo uku. Saboda haka wanda zai amsa a tsakanin layukan wani, gara ya faɗa a layin farko cewa amsoshinsa suna ƙasa, kada mai karɓa ya ga kamar saƙon fanko ne.

Wani kuskure kuma na hannu ne. Masu rubutu a waya sukan danna Enter duk lokacin da layi ya kai bakin allo, kamar mai buga tafireta. A allonsu abin ya yi kyau, a kwamfutar mai karɓa kuwa sai ya fito guntu-guntu, dogon layi da gajere. Manhaja tana naɗe layi da kanta gwargwadon faɗin allo. Enter na ƙarshen sakin layi ne, a danna sau biyu don a bar fili a tsakani.

Daga amsa ta biyu gaisuwa takan fara raguwa, kuma haka ya kamata. Wanda ya yi sallama ya shiga zaure ya zauna ba ya sake sallama kafin kowace jimla. Gmail, wadda ta fito ranar 1 ga Afrilun 2004, ita ce ta yaɗa jera saƙonni masu amsa juna a shafi ɗaya, har wasiƙa ta fara kama da hira. A ɓoye, kowane saƙo yana ɗauke da lambar shaida a wani layi mai suna Message-ID, amsa kuma tana ambaton wannan lamba a layin In-Reply-To, da haka manhaja ke gane wane ya amsa wane. To idan Hajiya ta amsa da ƙarfe goma, tela ya mayar da goma da kwata, “To Hajiya, na gode, ina jiran awon” ya wadatar. Wanda ya ci gaba da cikakkiyar gaisuwa da cikakken sa hannu a saƙo na shida cikin awa guda yakan zama kamar yana ja da baya ne, ko ransa ya ɓaci.

Sai dai raguwar tana da iyaka, kuma a nan mutane suka fi tuntuɓe. Gaisuwa tana dawowa idan an kwana biyu ba a yi magana ba. Tana dawowa kuma, da cikakken bayani, da zarar sabon mutum ya shigo. Hajiya ta sa akanta a gurbin Cc ta rubuta “ga shi nan, a biya”. Akantan ya buɗe ya tarar da saƙo takwas a jere, bai san tela ba, bai san nawa ne rabin ba. Abin da ya dace telan ya yi shi ne ya ɗauki saƙonsa na gaba kamar wasiƙar farko: ya yi wa Malam akanta sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya maimaita adadin kaya da adadin kuɗi da lambar asusu a sakin layi ɗaya, ya sa cikakken sunansa. Ya kuma tuna cewa duk abin da ya rubuta wa Hajiya a baya yana rataye a ƙasa, akanta zai iya karantawa, har da wasan da ya yi a saƙo na huɗu kan jinkirin biyan kuɗi a makarantar.

Sa hannu iri biyu ne, ana yawan haɗa su. Akwai bankwanan da mutum ke rubutawa da hannunsa, “naka”, “naki”, “ka huta lafiya”, “wassalam”, wanda ke sauyawa gwargwadon wanda ake yi wa magana. Akwai kuma tambarin da manhaja ke liƙawa da kanta: suna, muƙami, lambar waya. Na biyun yana da tsohuwar ƙa'ida. Takardar ladubban intanet mai lamba RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta a 1995, ta ba da shawarar kada ya wuce layi huɗu. Ana kuma raba shi da jikin wasiƙa da layi na musamman, karan ɗori biyu da fili ɗaya a bayansu. Manhaja irin Thunderbird idan ta ga wannan layi takan yanke abin da ke ƙasansa yayin amsa, don kada ya yi ta taruwa. Inda babu shi, sai ka ga zance mai saƙo goma yana jan tambari goma, kowanne da hoton kamfani da addu'a da adireshin reshe uku. Gmail tana datse saƙon da ya haura kilobayit 102, ta bar mahaɗin da sai an danna za a ga saura. Ita da Outlook duk suna ba da damar a zaɓi dogon tambari don sabon saƙo, gajere ko babu don amsa.

Shi kuwa layin nan na “Sent from my iPhone” da wayar ke sawa da kanta, wasu suna barinsa da gangan, ya zama uzurin gajarta da kuskuren rubutu. Ga aboki ya yi. A wasiƙar neman aiki, a goge shi a sa suna.

Idan aikin yunifom ya ƙare, bayan wata biyar Hajiya ta so a ɗinka rigunan wasanni, sauƙin da ke jan hannu shi ne a nemo tsohon saƙo a danna Reply, tunda adireshin yana ciki. Sabuwar maganar sai ta shige ƙarƙashin “Re: Yunifom 120”, telan ya ga kan magana ya ɗauka tsohon zance ne da aka riga aka gama. Ko ya buɗe, ranar da za a nemi farashin rigunan wasanni ba wanda zai tuna yana cikin zancen yunifom. Hajiya ta buɗe sabon saƙo, ta rubuta “Rigunan wasanni: neman farashi”, ta yi masa sallama daga farko.