Daƙiƙa Goma na Farko: Yadda Ake Koya wa Masu Amsa Kira Gaisuwa

Wanda ya danna 300, lambar kai koke da hukumar NCC ta tsayar wa duk layukan waya a Najeriya a 2023, yakan iso wurin ma'aikaci ne bayan ya gaji da jira. Cibiyoyi da yawa na auna kansu da amsa kashi 80 cikin ɗari na kira cikin daƙiƙa 20, saboda haka babu sararin tambayar gida da iyali da gajiya. Amma Bahaushe ba ya sakin jiki da wanda bai gaishe shi ba. A nan gwanintar mai horarwa take.

Dabarar ita ce a kafe ginshiƙai uku, a sakar wa ma'aikaci kalmomin: gaisuwa ɗaya, sunansa, sai tambaya. Misali: "Barka da rana, Hauwa ce. Da me zan taimaka muku?" Ana fara wa da "ku" na girmamawa, sai an ji murya a koma Malam, Hajiya ko Baba.

Tambayar ita ce zuciyar aikin. A ce wani dattijo ya kira domin kuɗin katinsa na zurarewa. Idan aka ce masa "Matsalar data ce?", zai ce e, a shiga bincike inda ba nan ciwon yake ba. Idan kuwa aka ce "Baba, me ya faru da layin?", zai ba da labari: ya sa katin naira 500 da safe, bai kira kowa ba, da azahar saura 350. Daga nan ma'aikaciya ta gane wata rajista ce ke cirar kuɗin, ta duba ta soke. Sharaɗin shi ne ta yi shiru bayan tambayar, kada ta katse shi.

A ɗakin horo, kowa yakan rubuta gaisuwar ta hanya uku da bakinsa, sannan a karɓe takardar. Sai a zaunar da su biyu-biyu, baya da baya, ɗaya ya zama mai kira, domin a waya murya kaɗai ke aiki. Ana naɗar muryar a kunna wa mai ita, don kunnensa ya fi mai horarwa saurin kama aibinsa.

Hadda ba ta ɓuya. Za a ji ana gudu a kan suna, ko ana "ina kwana" da la'asar, ko ana tambayar "da me zan taimaka?" bayan mai kira ya gama faɗin damuwarsa. Wannan ta ƙarshe ta fi ɓata rai. Mai kiran da ya shigo da zafi, a taƙaita masa gaisuwa, a maimaita abin da ya faɗa, sannan a tambaye shi yaushe abin ya fara. Wanda ya iya sauya tambayarsa bisa abin da ya ji, shi ne ya isa a ba shi layi.